Uku maimakon huɗu: yadda ake auna saurin aikin kwamfuta kafin a kunna ta

A shekarar 1960, a wani zaman karatu a Jami'ar Mosko, mashahurin masanin lissafi Andrey Kolmogorov ya bayyana wa ɗalibansa wani zato nasa. A ganinsa, babu hanyar lissafin sau da za ta fi wadda ake koyarwa a firamare sauri: idan kowace lamba tana da alƙaluma n, tilas sai an yi aiki kamar n × n. Cikin mako guda wani ɗalibi ɗan shekara 23, Anatoly Karatsuba, ya kawo hanyar da ta rushe zaton. An buga ta a 1962. Kuma da takarda da biro ake tabbatar da cewa ta fi sauri, ba sai an taɓa na'ura ba.

Ɗauki 1234 × 5678. A tsaga kowace lamba biyu: 12 da 34, sai 56 da 78. Hanyar da za ta fara zuwa zuciyar kowa ita ce a yi ƙananan sau guda huɗu: 12 × 56, 12 × 78, 34 × 56, 34 × 78, sannan a jera amsoshin a tara. Kowane ɗayansu kuma ana iya sake tsaga shi haka, har a sauko kan alƙalami ɗaya sau alƙalami ɗaya. Wannan ita ce dabarar raba aiki: a karya babba zuwa ƙanana irinsa, a warware su, a haɗa amsoshi.

To nawa ne kuɗin wannan aiki a lokaci? Masana suna rubuta shi a layi ɗaya da suke kira rikarans, wato lissafin da ke bayyana lokacin babban aiki ta hanyar lokacin ƙananansa. Idan T(n) shi ne lokacin da lambobi masu alƙaluma n ke ci:

```
T(n) = 4T(n/2) + n
```

Huɗun nan yawan ƙananan ayyukan ne, n/2 girman kowannensu, n na ƙarshe kuwa wahalar tsagawa da tarawa ce, domin tara dogayen lambobi yana bin tsawonsu ne kawai.

Matsalar layin ita ce T tana ɓangarorin biyu, ba ta faɗi amsa kai tsaye ba. Sai an bi ta hawa-hawa, kamar hakimin da ya raba aiki ga dagatai, su kuma suka raba wa masu unguwa. A hawa na sama aikin haɗawa n ne. A na biyu akwai ayyuka huɗu, kowanne rabin girma, jimla 2n. A na uku akwai 16, kowanne kwata, jimla 4n. Nauyin yana ninkuwa duk hawan da aka sauka, don haka kusan duk wahalar tana can ƙasa. Lambobi masu alƙaluma 1,024 suna tsaguwa sau 10 kafin su kai alƙalami ɗaya, kuma a ƙasan za a tarar da ƙananan sau 1,048,576, wato 1,024 × 1,024 cif. An sha wahalar rabawa, ba a ci ribar komai ba.

Ga abin da Karatsuba ya lura da shi. Sau biyun da ke tsakiya, 12 × 78 da 34 × 56, ba a buƙatarsu ɗai-ɗai, jimlarsu ake so. A lissafa 12 × 56 = 672, da 34 × 78 = 2,652. Sai a tara rabin kowace lamba da ɗan'uwansa, 46 da 134, a yi sau ɗaya: 6,164. A cire 672 da 2,652 daga ciki, ya rage 2,840, wadda ita ce jimlar tsakiyar. A tara 6,720,000 da 284,000 da 2,652, a sami 7,006,652, amsa daidai da sau uku kacal. Layin ya koma:

```
T(n) = 3T(n/2) + n
```

Mai kallo daga nesa zai ce an rage kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai. Amma ragin yana maimaituwa a kowane hawa. A hawa 10 ɗin nan, ƙananan sau sun sauko zuwa 59,049, wato aikin ya ragu kusan ninki 18.

Don kada a riƙa zana hawa-hawa kowane lokaci, akwai ƙa'idar da ake kira masta tiyorem. Jon Bentley da Dorothea Haken da James Saxe ne suka gabatar da ita a 1980, littafin Cormen da Leiserson da Rivest na 1990 kuma ya yaɗa sunan. A sigarta mai sauƙi, ana rubuta layin haka:

```
T(n) = aT(n/b) + n^d
```

Sai a gwada a da b^d, domin daga hawa zuwa hawa aikin yana ninkuwa da a/b^d. Idan a ya fi ƙanƙanta, nauyin yana raguwa yayin sauka, hawan sama ne ke ɗauke da kaya, amsar ita ce n^d. Idan sun yi daidai, kowane hawa aikinsa ɗaya da na saura, sai a ninka da yawan hawan: n^d log n. Nan ne dabarar jera bayanai ta John von Neumann ta 1945 ta faɗa, mai raba jeri biyu ta jera kowanne ta haɗe su, inda a = 2, b = 2, d = 1, amsa n log n. Idan kuwa a ya fi girma, ƙasa ce ke rinjaye, amsar ita ce n^(log_b a). Ga Karatsuba a = 3, b^d = 2, don haka lokacinsa kamar n^1.585 ne maimakon n^2.

A ganina, inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne wajen rubuta layin, ba wajen aiki da ƙa'idar ba. Misali, neman abu a jeren da aka riga aka tsara: a duba tsakiya, a watsar da rabi, a ci gaba. Layinsa T(n) = T(n/2) + 1, amsa log n. Amma idan mai rubuta manhaja yana kwafe rabin jeren zuwa sabon wuri kafin ya ci gaba, 1 ɗin ya zama n, amsar ta koma n ba tare da ya sani ba. Hanyar gano wannan mai sauƙi ce: a ninka girman jeren a auna lokaci. Idan lokacin ma ya ninka, akwai kwafi a ɓoye.

Ƙa'idar tana da iyaka. Tana so ƙananan ayyukan su zama girma ɗaya, kuma a same su ta rabawa, ba ta cirewa ba. T(n) = T(n-1) + n ba hurumin ta ba ne. Idan aka tsaga jeri kashi ɗaya bisa uku da biyu bisa uku, sai a koma ga hanyar Akra da Bazzi ta 1998.

Sannan ba ta faɗin daƙiƙa nawa aiki zai ci, yadda lokaci ke girma kawai take nunawa. Ƙarin tarawa da cirewar da Karatsuba ya shigo da su suna da nasu farashi, har ma a ƙananan lambobi hanyar firamare ta fi shi sauri. Shi ya sa harshen Python ba ya komawa ga dabararsa sai lambobin biyu sun wuce gurbi 70 na ma'ajiyarsa, wato alƙaluma sama da 600 a yawancin kwamfutocin yau. Ƙasa da haka, hanyar firamare yake bi.