Lissafi ake gwadawa ko Turanci? Yadda tsarin tambaya ke kayar da ɗalibai

A Nasarawan Doya da ke ƙaramar hukumar Makarfi a jihar Kaduna, yaro na tashi da Hausa a gida da gona da kasuwa, amma da Turanci yake rubuta jarrabawar lissafi. Idan ya faɗi, takardar sakamako ba ta bayyana ko lissafin ne ya gagare shi ko kuwa jimlar tambayar ce ta ɗaure masa kai.

Ga misalin yadda ake gina irin wannan tambaya, idan aka mayar da ita Hausa: "Idan aka yi la'akari da cewa buhu 12 na masara, waɗanda aka saya a kan naira 30,000 kowanne, an sayar da su a kan jimillar naira 420,000, wace riba aka samu?"

Jimla ɗaya ce doguwa, ba a faɗi wanda ya saya ba, kuma maganar saye ta shiga tsakiyar maganar sayarwa. Malami zai iya warware ta haka: "Musa ya sayi buhu 12 na masara. Kowane buhu naira 30,000. Ya sayar da su duka naira 420,000. Nawa ne ribarsa?"

Lissafin bai sauya ba. Har yanzu sai ɗalibi ya gano da kansa cewa kuɗin saye naira 360,000 ne, riba kuma naira 60,000.

A shekarar 2001, Jamal Abedi da Carol Lord sun wallafa wani bincike da suka yi kan ɗaliban aji takwas a Amurka. Da aka sauƙaƙa kalmomin tambayoyin lissafi, makin ɗaliban ya ɗan ƙaru, musamman waɗanda ba su yi ƙarfi a lissafi ba.

Sai dai sauƙaƙawa na da iyaka. Idan malami ya ƙara da cewa "fara ninka 12 da 30,000", ya bayar da rabin amsa. Haka kuma ba a cire kalmar darasi irin "riba", domin saninta na cikin abin da ake gwadawa.

Ta yaya malami zai gane inda matsalar take? Ya sa ɗalibi ya karanta tambayar, sannan ya faɗi da Hausa abin da ake nema. Idan ya kasa, amma ya warware ta da zarar an yi masa bayani da baki, to harshe ne cikas. Idan ya fahimci tambayar amma ya kasa ninkawa, sai a koma darasin lissafi.

Malamin aji ba shi da ikon taɓa tambayoyin WAEC ko NECO. Abin da ke hannunsa shi ne gwajin mako da jarrabawar zango. A nan ne zai fara da gajerun jimloli, sannan ya riƙa ajiye doguwar kusa da gajeriyar, har ɗalibi ya saba warware doguwar da kansa kafin ya shiga zauren babbar jarrabawa.