Shafi ya tsaya cak, rumbun bayanai kuma lafiya lau: yadda ake gane mahaɗai sun ƙare

Duk manhajar da ke ajiye sunaye, kuɗi ko sakamakon jarrabawa tana magana da rumbun bayanai ta wata hanya da ake kira mahaɗi. Buɗe sabon mahaɗi yana cin lokaci, shi ya sa manhaja ke buɗe 'yan kaɗan ta ajiye, kowace buƙata ta ara ɗaya, ta gama ta mayar. Kamar guga goma ne a bakin rijiya: ruwa na nan, amma in duk gugan suna hannun mutane, wanda ya zo sai ya bi layi.

A ɗauki HikariCP, wanda Spring Boot ke amfani da shi kai tsaye tun fitowarsa ta biyu a 2018. In ba a canza saitinsa ba, mahaɗai 10 yake riƙewa, kuma buƙata tana jira sakan 30 kafin ya sallame ta da wannan saƙo:

```
Connection is not available, request timed out after 30000ms
```

Kafin a ga saƙon, jama'a sun daɗe suna shan wahala. Akwai alƙaluma biyu da ke tona matsalar tun da wuri. Na farko shi ne yawan mahaɗan da ke hannu, wato `hikaricp.connections.active`. Na biyu shi ne tsawon jira kafin a samu mahaɗi, wato `hikaricp.connections.acquire`. Ɗaya shi kaɗai ba ya isa shaida. Mahaɗai goma za su iya cika na ɗan lokaci su sake, ba wanda ya cutu. Amma in adadin ya manne a 10 ya ƙi sauka, jira kuma yana ta hawa, to mahaɗai sun ƙare.

A ce shafin rajistar wata makaranta yana karɓar buƙata 200 a sakan, kowacce tana riƙe mahaɗi milisakan 20, wato sakan 0.02. In an ninka 200 da 0.02 za a samu 4. Mahaɗai huɗu ke aiki, shida na hutawa, jira kusan babu. Sai wata tambaya da manhajar ke yi wa rumbun ta yi nauyi, riƙon ya koma milisakan 60. Yanzu ana buƙatar mahaɗai 12, alhali 10 ake da su. Goman nan ba za su iya sallamar fiye da buƙata 167 a sakan ba, don haka kusan 33 ke taruwa a layi kowane sakan. Jama'a ba su ƙaru ko da mutum ɗaya ba, amma shafin ya cushe. Shi ya sa matsalar ke zuwa kwatsam: a milisakan 45 mahaɗai tara sun wadatar, da an wuce 50 layi ya fara tsawo.

Da an tabbatar sun ƙare, sai a tambayi rumbun abin da mahaɗan ke yi. A PostgreSQL ga umarnin:

```
SELECT state, count(*)
FROM pg_stat_activity
GROUP BY state;
```

In yawancinsu suna `active`, rumbun ne ke jan ƙafa: ko tambaya mai nauyi, ko wani aiki ya kulle layin bayanai sauran suna jiransa. In suna `idle in transaction`, manhajar ta buɗe ma'amala ta tafi wani aikin, misali jiran amsar kamfanin biyan kuɗi, mahaɗin yana hannunta. In kuwa manhajar na cewa duk goma suna hannu, rumbun na ganinsu `idle`, mai yiwuwa an ara ba a mayar ba. Wannan yoyon yana da alamarsa: adadin yana hawa ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauka ko da tsakar dare, sake kunna manhaja kuma yana gyara shi na ɗan lokaci kawai. Saitin `leakDetectionThreshold` yana rubuta wurin da aka ari mahaɗin da ya daɗe bai dawo ba.

Ƙara yawan mahaɗai shi ne abin da ya fi saurin zuwa zuciya, amma yana da iyaka. PostgreSQL yakan zo da `max_connections` a 100. Kwafin manhaja 12, kowanne da mahaɗai 10, sun kai 120, sai rumbun ya fara korar masu zuwa. In yoyo ne, ƙarin zai jinkirta tsayuwar ne kawai. In tambaya mai nauyi ce, zai ƙara wa rumbun kaya. A misalin makarantar, mayar da riƙon zuwa milisakan 20 zai sauke buƙata daga mahaɗai 12 zuwa 4 ba tare da an ƙara ko ɗaya ba.