Kuɗin wata ba shi kaɗai ne kuɗin shagon intanet ba

Mai son buɗe shago a intanet yakan fara duba kuɗin wata, ya zaɓi tsarin da ya fi araha. Amma kason da kamfanin ke cira a kan kowane ciniki shi ya fi cin riba.

Ɗauki Shopify, kamfanin ƙasar Kanada. Yana da hanyarsa ta karɓar kuɗi mai suna Shopify Payments, amma ba ta aiki a Najeriya. Dole ɗan kasuwa a nan ya haɗa shagonsa da wani kamfanin, irin su Paystack, kuma Shopify na cirar nasa kaso a kan hakan: kashi 2 cikin ɗari a tsarin Basic, kashi 1 a tsarin Grow da ke sama da shi.

A ce wata mai atamfa ta sayar da turmi a naira 20,000, tana kan Basic. Paystack zai cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, wato naira 400. Shopify ma zai ɗauki 400. Idan ribar turmin naira 3,000 ce, sama da rubu'inta ya tafi tun kafin a biya mai kai kaya.

To, yaushe ya kamata ta haura zuwa Grow? Tunda rangwamen kashi 1 ne, sai ta ninka bambancin kuɗin watan sau ɗari. Idan bambancin dala 60 ne, misali, sai cinikinta na wata ya wuce dala 6,000 kafin haurawar ta biya kanta. A ƙasa da haka asara ce.

Abin da kan tilasta haurawa da wuri shi ne ma'aikata. Basic ba ya ba da ƙarin asusun ma'aikaci, Grow na ba da biyar. Da yawa sukan miƙa wa yaron shago kalmar sirrinsu don gudun ƙarin kuɗi, kuma ina ganin wannan ganganci ne babba. Wanda ya shiga da sunan mai shago zai iya sauya farashi ko mayar wa mai saye kuɗi, kuma ba za a gane wanda ya yi ba. Asusun ma'aikaci kuwa ana iya taƙaita shi ga duba oda kawai.

Yawan kaya ba damuwa ba ne a Shopify, domin waɗannan tsare-tsaren ba su sa iyaka ba. A wasu kamfanonin ne ake sa ido, musamman tsarin kyauta da kan tsaya a kaya kaɗan.

Adireshi kuma, na kyauta yana ƙarewa ne da myshopify.com. Adireshi mai sunanka zalla saya ake yi daban, a sabunta duk shekara. Wix da Squarespace sukan ba da shekarar farko kyauta ga wanda ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya, don haka a tambayi farashin shekara ta biyu tun kafin a biya.