Hoton da aka gyara bai manta inda aka ɗauke shi ba

A watan Disamba na 2012, John McAfee, attajirin da ya kafa kamfanin manhajar tsaron kwamfuta mai ɗauke da sunansa, yana ɓuya. 'Yan sandan ƙasar Belize na nemansa don ya amsa tambayoyi kan kisan maƙwabcinsa. Sai mujallar Vice ta wallafa hotonsa da aka ɗauka da wayar iPhone. A fuskar hoton babu abin da ya nuna wurin, amma a cikinsa akwai lambobin taswira da suka nuna yana Guatemala. Bayan kwanaki kaɗan aka kama shi a can.

Waɗannan bayanai sunansu EXIF. Duk lokacin da waya ta ɗauki hoto, tana rubuta rana da lokaci da samfurin wayar a cikin fayil ɗin. In an bai wa kyamara izinin sanin wuri, sai ta haɗa da lambobin GPS. A fili, kuskurensu ba ya wuce 'yan mitoci. Wanda ya kwafe su ya zuba a taswira, ƙofar gidan zai gani.

Mutane da yawa suna ɗauka gyaran hoto yana share wannan. Ba haka ba ne. A goge ƙuraje, a haska fata, a sauya bangon baya, duk aikin saman hoto ne, kuma galibin manhajojin gyara suna kwashe tsofaffin bayanan su zuba a sabon fayil. Akwai ma abin da ya fi wannan tayar da hankali. Kyamara kan ajiye wani ɗan mitsitsin kwafi na hoton a cikin fayil ɗin, kuma wasu manhajoji ba sa sabunta shi bayan an yanke. Sai a yanke yaro ko lambar mota daga gefe, alhali suna nan daram a ƙaramin kwafin.

Mu ɗauki misalin amarya da aka ɗauka da waya a ɗakin mahaifiyarta ranar kamu. Mai hoto ya gyara, ya tashi turawa ta WhatsApp. In ya tura a matsayin hoto, manhajar za ta matse shi ta zubar da bayanan. To amma matsewar tana rage kyau, shi ya sa masu sana'ar suka fi son turawa ta Document. Ta wannan hanya fayil ɗin yana isa yadda yake, da komai nasa. Haka imel da Google Drive da Bluetooth. Amarya ta tura wa ƙawa, ƙawa ta jefa a zauren 'yan ajinsu, adireshin gidan yana biye da hoton duk inda ya shiga. Facebook da Instagram suna cire bayanan daga kwafin da jama'a ke gani, sai dai su kamfanonin sun riga sun karɓi na asali. A ganina, bai kamata mutum ya bar wa wani kamfani wannan shara ba.

A yi gogewar a ƙarshe, bayan an gama gyara. Mai aiki da Lightroom Classic, wajen Export ya zaɓi Copyright Only a sashen Metadata: sunan mai haƙƙi zai zauna, wuri ya tafi. A iPhone, bayan an taɓa alamar turawa akwai Options a sama, a nan ake kashe Location. A Windows kuwa, a shiga Properties, sai Details, sai Remove Properties and Personal Information.

Wanda ke son aikin ya fita tas, akwai manhajar ExifTool, kyauta ce:

```
exiftool -all= --icc_profile:all hoto.jpg
exiftool -gps:all hoto.jpg
```

Layin farko yana share bayanan, amma ya bar na launi, domin in aka haɗa da su fatar da aka sha wahalar gyarawa tana iya fitowa a koɗe. Na biyu dubawa ne: in bai nuna komai ba, lambobin wuri sun fita. A kula, manhajar tana ajiye tsohon fayil da suna hoto.jpg_original, kuma shi yana ɗauke da komai, kada a haɗa da shi wajen tura jakar hotuna. Wani lokaci hoton kan kwanta a gefe bayan gogewa, saboda bayanin tsayuwarsa ma a cikin EXIF yake. Sai a juya shi a sake ajiyewa, a kuma sake dubawa.

Duk wannan bai taɓa abin da ido ke gani ba. Allon shagon maƙwabci, bajen makaranta a rigar yaro, lambar gida da ta fito a madubi, waɗannan sai an faɗaɗa hoton an bi shi lungu-lungu kafin a tura.