Takardar da aka manna a ƙofar kanti

Wata safiya aka wayi gari da takarda manne a ƙofar wani kantin kayan masarufi a unguwarmu a Kano, an rubuta da hannu: "Abokan cinikinmu, mun sauke tumatirin gwangwani da madarar ruwa da wa'adinsu ya cika ƙarshen watan jiya. Wanda ya saya bayan nan ya dawo da shi, ko da ya fasa, a canza masa ko a mayar masa da kuɗinsa. A yi haƙuri."

Da na tambayi Alhaji mai kantin yadda aka yi, sai ya ce laifin jeri ne. Duk sanda ya saro kaya daga Kasuwar Singa, yaron kanti kan jera sababbi a gaba, tsofaffi su yi ta matsawa baya har wa'adinsu ya cika ba wanda ya lura. Yanzu ya sa doka: tsoho a gaba, sabo a baya.

Wa'adin yana bugawa ne a murfi ko gindin gwangwani. Haruffan MFD na nuna ranar da aka yi kayan, EXP ranar ƙarewa, BB kuma ranar da kamfani ya daina lamunin ɗanɗano da inganci. Kusa da su akwai lambar rukuni, wadda da ita mai kanti ke gane ko gwangwanin da aka dawo masa daga kwalinsa ya fito. Idan ka ga wurin lambobin a goge, ko tawada ta hau kan tawada, ajiye shi. Irin wannan hukumar NAFDAC ake kai wa ƙara.

Sai dai a ganina takardar Alhaji ta bar abu mafi hatsari. Gwangwani na iya lalacewa da sauran shekara guda a wa'adinsa, musamman idan ya sha zafin bazara a shagon kwano. Tumatir yana da tsami, kuma zafi na sa tsamin ya yi saurin cin cikin gwangwani. Danna murfin da yatsa: idan ya kumbura, ko ya lotsa ya dawo, akwai iska a ciki, sau da yawa ta ƙwayoyin cuta. A kifin gwangwani kuwa, inda babu tsami, akwai ƙwayar da ke rayuwa ba iska, tana sakin dafin da ke shanye jijiyoyi, kuma ba lallai ya yi wari ba. Don haka ba a ɗanɗanawa a gani, ba a kuma zuba wa kaji. Tsatsa ko lotsawa a bakin murfi ma dalilin mayarwa ne.

Da na faɗa masa haka, sai ya ɗauki biro ya ƙara layi a ƙasa: "Har da wanda ya kumbura, ko wa'adinsa bai cika ba."