Yadda Haske Ke Rabuwa a Kan Iyaka: Lissafin Fresnel da Adana Makamashi

Idan haske ya taso daga iska ya faɗa kan gilashi, kashi biyu yake rabuwa: wani ya dawo baya, wani ya wuce ciki. Wanda ya fara fitar da lissafin wannan rabo shi ne Augustin Fresnel, injiniya Bafaranshe, a shekarar 1823, tun kafin James Clerk Maxwell ya nuna cewa haske kaɗawa ce ta filin lantarki da filin maganaɗisu. Abubuwa uku ne ke yanke hukuncin rabon: kusurwar da hasken ya faɗo da ita, ma'aunin karkatar haske na ɓangarorin biyu, da fuskar da filin lantarkin ke kaɗawa.

Ma'aunin karkatar haske, wanda ake rubutawa da n, yana nuna sau nawa gudun haske ya ragu a cikin abu idan aka gwada shi da gudunsa a sararin da babu komai. Na iska kusan 1 ne, na ruwa 1.33, na gilashin taga wajen 1.5. Su kuwa kusurwoyi, ana auna su ne daga layin da ya tsaya cak a kan fuskar gilashin. Hasken da ya dawo yana tashi da kusurwa daidai da wadda ya faɗo da ita, θi. Wanda ya wuce yana karkata zuwa kusurwa θt bisa dokar Snell, inda n1 na ɓangaren da hasken ya fito ne, n2 kuma na wanda ya shiga:

```
n1 sin θi = n2 sin θt
```

Dokar Snell tana faɗin inda hasken zai nufa ne kawai. Ba ta cewa komai a kan yawansa.

Filin lantarkin haske yana kaɗawa ne a gicciye da hanyar tafiyarsa. A ɗauka an tsayar da takarda a kan gilashin, yadda zaren hasken da ya faɗo da layin tsaye duk suna kwance a jikinta. Idan filin lantarkin yana huda takardar, shiga da fita, ana kiran kaɗawar s. Idan kuma yana kaɗawa a kwance cikin takardar, ana kiranta p. Kowane haske, har na rana da ke zuwa a cakuɗe, ana iya raba shi gida biyun nan a yi lissafin kowanne daban. Dalilin bambancinsu shi ne, a kaɗawar s filin lantarkin gaba ɗayansa yana kwance a kan fuskar gilashin ko da wace kusurwa hasken ya zo, a kaɗawar p kuwa wani ɓangarensa ne kawai ke kwance, kuma wannan ɓangaren yana raguwa yayin da hasken ke ƙara jirkicewa.

Wannan yana da muhimmanci saboda sharaɗin da iyaka ke gindayawa. Ɓangaren filin lantarki da ke kwance a kan iyakar dole ya zama ɗaya a sama da ƙasa, haka ma na filin maganaɗisu. A sama akwai haske biyu, mai faɗowa da mai dawowa, a ƙasa akwai ɗaya. Sharuɗɗa biyu, abubuwan da ake nema biyu: r, wato girman filin da ya dawo a kan girman wanda ya faɗo, da t, girman wanda ya wuce a kan wanda ya faɗo. Warware su na bayar da:

```
rs = (n1 cos θi − n2 cos θt) / (n1 cos θi + n2 cos θt)
ts = 2 n1 cos θi / (n1 cos θi + n2 cos θt)
rp = (n2 cos θi − n1 cos θt) / (n2 cos θi + n1 cos θt)
tp = 2 n1 cos θi / (n2 cos θi + n1 cos θt)
```

Littattafai sun saɓa a kan alamar rp, wasu na juya ta, domin kowanne yana da fuskar da ya zaɓa ya kira gaba ga filin da ya dawo. Saɓanin ba ya taɓa lissafin makamashi, tunda ninka r ake yi da kansa.

Mafi sauƙin misali shi ne haske ya faɗo a tsaye daga iska zuwa gilashi. Duka kusurwoyin sifili ne, don haka rs ya zama −0.5 a raba da 2.5, wato −0.2, ts kuma 0.8. Alamar ragi tana nufin filin da ya dawo ya juya fuska. Idan aka haɗa 1 da −0.2 za a sami 0.8, kuma wannan shi ne sharaɗin iyaka da kansa: 1 + rs = ts. Makamashin da haske ke ɗauke da shi yana tafiya ne da girman filin in an ninka shi da kansa, saboda haka rabon da ya dawo 0.04 ne, kashi 4 cikin ɗari. A nan ne ɗalibai da dama ke yin tuntuɓe. Sukan ninka 0.8 da kansa su sami 0.64, su haɗa da 0.04, jimilla ta tsaya a 0.68. Kashi 32 sun yi ɓatan dabo ke nan, alhali gilashin bai sha komai ba.

Babu abin da ya ɓace. Lambobin r da t suna gwada girman fili ne, ba makamashi ba, kuma kafin a tashi daga wancan zuwa wannan akwai gyara biyu. Na farko, ƙarfin haske, wato makamashin da ke ratsa wani faɗi a kowace daƙiƙa, yana tafiya da n sau girman filin ninki da kansa. Fili mai girma ɗaya ya fi ɗaukar makamashi a cikin gilashi da ninki 1.5 fiye da a iska. Na biyu, damin hasken yana canza faɗi idan ya karkata. Hasken da ya dawo bai buƙatar ko ɗaya daga cikin gyaran nan, domin a iskar da ya fito ya koma, da kusurwar da ya zo. Rabon makamashi na gaskiya ke nan, R na wanda ya dawo, T na wanda ya wuce:

```
R = r²
T = (n2 cos θt / n1 cos θi) t²
R + T = 1
```

A faɗowar tsaye faɗin damin bai canza ba, sai gyaran farko kaɗai: 1.5 sau 0.64 ya ba da 0.96, a haɗa da 0.04 a sami 1 cif.

Gyara na biyu yana fitowa fili idan hasken ya jirkice, misali digiri 60. Dokar Snell ta ba da θt wajen digiri 35.3, don haka cos θi 0.5 ne, cos θt kuma 0.8165. A ɗauki damin haske mai faɗin milimita 10. Da yake a karkace ya sauka, tabon da ya haska a kan gilashin ya kai milimita 20. Daga wannan tabo ne hasken ya shiga ciki, amma da yake ya ɗan miƙe zuwa wajen layin tsaye, faɗinsa a cikin gilashi 20 sau 0.8165 ne, wato milimita 16.3. Damin ya buɗe da ninki 1.633. A ninka wannan da 1.5 na gyaran farko, lambar da za a ninka t² da ita ta zama 2.449.

Ga kaɗawar s, rs ya fito −0.420, ts kuma 0.580. R ya zama 0.177. Ninkin ts da kansa 0.336 ne kacal, amma in aka ninka shi da 2.449 sai ya koma 0.823, jimilla 1. Ga kaɗawar p labari ya sha bamban: rp −0.042 ne, tp 0.638. R bai wuce 0.002 ba, T kuma 0.998. Gilashi ɗaya, kusurwa ɗaya, amma s ya dawo da kusan kashi 18 cikin ɗari, p kuwa ko kashi ɗaya bai kai ba. Hasken da ba a tace ba rabi s ne rabi p, don haka kusan kashi 9 ne ke dawowa, kuma kusan dukkansa s ne. Abin lura shi ne lissafin kowace kaɗawa ya cika 1 shi kaɗai. S ba ya ranto makamashi daga p.

Ƙanƙantar rp a digiri 60 ba haka kawai ta zo ba. Daga kashi 4 a faɗowar tsaye, R na s hawa yake yi babu tsayawa, na p kuwa sauka yake har ya taɓa sifili, sannan ya juyo sama. Wurin da ya taɓa sifili shi ne kusurwar Brewster, da sunan David Brewster wanda ya bayyana dokarta a 1815: tan θi daidai yake da n2 a raba da n1. Ga gilashi digiri 56.3 ne, ga ruwa wajen 53. A wannan kusurwa hasken da ya wuce da hanyar da na dawowa zai bi suna yin digiri 90 tsakaninsu. Elektaron ɗin da ke cikin gilashin, waɗanda su ne ke haifar da hasken da ke dawowa, a kaɗawar p suna kai da komo ne daidai kan wannan hanya, kuma cajin da ke kaɗawa ba ya fitar da haske ta layin da yake kaɗawa a kai. Shi ya sa tabarau mai tace haske ke kashe ƙyallin ruwa ko na jiƙaƙƙiyar kwalta: ƙyallin galibinsa s ne, a kwance yake kaɗawa, tabarau ɗin kuma wanda ke tsaye kaɗai yake bari ya wuce. Idan kusurwa ta doshi digiri 90, duka biyun suna hawa zuwa kashi ɗari. Wanda ya ɗaga farantin gilashi daidai idonsa ya dube shi ta gefe zai ga ya koma madubi.

Juya hanya, haske ya fito daga gilashi zuwa iska a tsaye, sai a ga abin da ya fi ruɗarwa: rs ya zama +0.2, ts kuma 1.2. Filin da ya fita ya fi wanda ya zo girma. Ba a ƙirƙiri makamashi ba, domin yanzu gyaran raba t² yake yi da 1.5: 1.44 a raba da 1.5, 0.96 ne dai. Saboda haka t ya wuce 1 ba alamar kuskure ba ne. T ya wuce 1 shi ne kuskure. Kowace fuskar taga tana mayar da kashi 4, fuska biyu kusan kashi 8, wanda shi ne hoton fitilar ɗaki da ake gani a jikin taga da dare.

A wannan hanya ta fita, idan θi ya wuce digiri 41.8, dokar Snell tana neman sin θt da ya fi 1, abin da babu kusurwar da za ta bayar. Hasken duka ya dawo ciki, R ya zama 1, T sifili. Amma t ba sifili ba ne. Sharaɗin iyaka ya tilasta a sami fili a ɓangaren iska, sai dai yana dusashewa cikin tazarar da ba ta wuce tsawon zangon hasken ba sosai, kuma a matsakaici ba ya kwashe makamashi daga iyakar. In aka matso da wani gilashin cikin wannan ƴar tazara, wani kaso na hasken yakan tsallaka, R ya ragu daidai da abin da ya wuce.

Duk lissafin nan ya ginu ne a kan fuska mai santsi, tsakanin abubuwa biyu da ba sa shan haske, ba su da maganaɗisu, kuma n ɗinsu ɗaya ne ta kowace fuska. A kan ƙarfe, abin da ya shiga yana komawa zafi tun a fatar ƙarfen, R na p kuma yana sauka ne kawai ba tare da ya taɓa sifili ba. Idan iyakoki biyu suna dab da juna, kamar siririn shafen da ake yi wa gilashin kyamara, sai an fara haɗa filayen da suka dawo daga kowace iyaka da alamominsu, sannan a ninka jimillar da kanta a fitar da R.