Kuɗin Shekara a Dunƙule: Yadda Ɗan Haya Ke Neman Rangwame

A unguwannin Kano da Kaduna da Zariya, kuɗin hayar gida na shekara ake yankewa, amma ba kowa ke iya biya gaba ɗaya ba. Da yawa rabi suke bayarwa, sauran sai bayan wata shida, wani lokacin ma sai mai gida ya gaji da aike. Wannan jeka-ka-dawo shi ne ke ba wa mai kuɗi a hannu bakin magana.

A ɗauki misalin malamin makaranta da aka ƙara wa haya zuwa Naira 700,000, wanda ya saba biya kashi biyu. A shekara irin ta 2024, da hauhawar farashi a Nijeriya ya haura kashi 30 cikin ɗari, Naira 350,000 da za ta jira wata shida takan zubar da darajar sama da Naira 40,000 kafin ta shiga hannun mai gida. Simintin da za ta saya yau ba shi za ta saya ranar ba. Don haka in malamin ya taya 650,000 lakadan, bai yi wa kowa wayo ba. In ya ce 500,000 kuwa, "albarka" zai ji, kuma da gaskiyar mai gida.

Yadda ake faɗa ya fi lissafin nauyi. Mai dabara yakan je wata ɗaya ko biyu kafin wa'adi ya cika, ya sami mai gida shi kaɗai, domin dattijo ba ya son a gan shi yana sauka daga maganarsa a gaban sauran 'yan haya. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, sai ya ce: "Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema. Bana na haɗa na shekara cif. In za a sassauta mini zuwa ɗari shida da hamsin, gobe sai na tura." Ba ya kushe gidan, ba ya barazanar tashi. Yana faɗa sai ya yi shiru, ya bar Alhaji ya yi nasa lissafin.

Dabarar tana da iyaka. A Abuja da Legas, inda biyan shekara a dunƙule ya zama al'ada, tayin ba ya ɗaga wa kowa hankali. Dillalin da la'adarsa ke bin yawan kuɗin haya ma ba lallai ne ya kai saƙon ragi da zuciya ɗaya ba, shi ya sa ganin mai gida ido da ido ya fi.

Abin da ya fi cutar 'yan haya yana zuwa ne bayan an sallama. Da zarar kuɗi sun fita, maganar rufin da ke yoyo da damina takan bi iska. Sai a rubuta gyaran da ranar gamawa kafin a biya, a tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai gidan kansa, a karɓi rasit mai nuna sabon farashi, ranar fara haya da ranar ƙarewarta, da kalmar cewa an biya duka, kada ragin ya dawo daga baya da sunan cikon bashi.